Kafin Ka Ba da Sunan Tsohon Shugabanka a Matsayin Mai Shaidarka



Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da siton wani kamfanin rarraba magunguna a Kano. A tsawon wannan lokaci matasa da yawa sun bi ta hannuna, daga 'yan bautar ƙasa zuwa masu koyon aiki da ma'aikatan dindindin. Yanzu duk sun watse, kowa ya kama gabansa, amma har yau da wuya wata biyu su wuce ban sami kiran ɗayansu ba yana neman in shaide shi a wurin da yake neman aiki ko gurbin ƙaro karatu. Ina jin daɗin irin wannan kira. Sai dai na lura cewa mafi yawan masu kiran suna tauye kansu tun kafin in ɗora alƙalami a takarda, kuma ba su san suna yi ba. Shi ya sa nake so mu yi wannan magana daga ɓangaren wanda ake roƙo, don ku ga abin da ke gabansa lokacin da ya zauna zai rubuta.

Wani dare na Alhamis, bayan sallar isha'i, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muka gaisa, mai kiran ya ce, “Oga, ni ne fa, wanda ya yi bautar ƙasa a wurinku. Na sa sunanka a wani fom, gobe ƙarfe biyar za a rufe, don Allah a taimaka.” Na gane muryar. Na tuna fuskarsa da yadda yake riga kowa zuwa da safe. Amma da na zauna zan rubuta, sai na rasa shekarar da ya zo, na rasa ko a ɓangaren karɓar kaya ya zauna ko a na fitarwa, kuma bai gaya mini irin aikin da yake nema ba. Abin da na iya rubutawa shi ne yaro ne mai gaskiya, mai ƙwazo, mai ladabi. Duk gaskiya ne, amma kalmomi ne da za a iya faɗa a kan kowa. Wanda zai karanta wasiƙar ya ga irinta da yawa, kuma ya san cewa wasiƙar da ba ta ambaci aiki ko ɗaya ba, marubucinta bai tuna mai ita ba. Har yau abin yana damuna, domin yaron ya cancanci abin da ya fi haka.

Ga abin da nake so ku riƙe. Kai shugaba ɗaya ka yi a wancan wuri, shi kuwa ya yi da irinka talatin ko fiye. Ranar da ka gano kuskuren da ya ceci ofis daga asara babbar rana ce a wurinka, a wurinsa kuwa ta shige cikin ɗaruruwan ranaku. Yana son ka da alheri, amma ya manta. Idan kana son shaida mai nauyi, kai ne za ka kawo masa abin da zai tuna da shi, a rubuce, a tsare, kuma da sauran lokaci.

Sai ka fara sanin abin da za a tambaye shi. Ko ta waya ce, ko ta fom, ko ta wasiƙa, tambayoyin ba su cika bambanta ba. Za a tambaye shi tun yaushe ya san ka kuma a wane matsayi, wane wata ka fara aiki kuma wane wata ka bari, mene ne sunan muƙaminka, kuma wane aiki ne yake hannunka. Daga nan a tambaye shi inda ka fi ƙarfi da inda kake da rauni, da dalilin barinka aikin. Ƙungiyoyin agaji sukan ƙara da ko an taɓa kama ka da laifin cin amana ko cin zarafin wani. Tambayar da ta fi kowace nauyi takan zo a ƙarshe: da zai sami dama, zai sake ɗaukar ka? Ka lura, rabin tambayoyin nan na kwanan wata ne da sunaye, abubuwan da kai ka fi shi riƙewa. Sauran rabin hukuncinsa ne, wanda ba ka da hannu a ciki. Aikinka shi ne ka sauke masa nauyin rabin farko don hankalinsa ya tattaru a kan na biyu.

Akwai wani ruɗani da ya kamata ka kawar tun a jumlar farko. A Najeriya abubuwa uku ne ake kai wa manya su sa hannu, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai mai shaida, wanda zai faɗi abin da ya sani na halinka da aikinka. Akwai garanto, wanda yake ɗaukar alkawarin cewa idan ka gudu da kuɗi ko kaya shi za a nema. Akwai kuma fom ɗin banki da ake kai wa mutum biyu masu asusun karent idan za a buɗe irinsa. Manya da yawa sun taɓa ƙonewa da garanto, don haka da zarar sun ji “a taimaka a sa mini hannu” sai jikinsu ya yi sanyi. Idan shaida kake nema, ka faɗa a fili cewa shaidar aiki ce, babu lamunin kuɗi a ciki. Idan kuma garanto ne, kada ka lulluɓe shi da sunan shaida, ka faɗi gaskiyarsa, mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Wa za ka zaɓa? Matasa sukan ruga wurin mai babban suna, shugaban kamfani ko wani babban darakta da suka gaisa da shi sau biyu a taro. Wanda ya duba aikinka da idonsa ya fi shi amfani, ko da muƙaminsa ƙarami ne, domin shi ne zai iya cewa “na gani.” Ɗan bautar ƙasa da ya koyar a sakandare, mataimakin shugaban makaranta da ya riƙa duba jadawalin darussansa ya fi sanin sa a kan wani babba a ma'aikatar ilimi. Ka kuma guji 'yan uwa. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya take bayarwa tun 1983 don digiri na biyu na shekara ɗaya, yana neman shaidu biyu a rubuce da Turanci, kuma ba ya karɓar ta ɗan uwa ko aboki na kusa. Masu ɗaukar aiki ma haka suke kallon abin, ko ba su rubuta ba. Idan kawunka ne shugabanka, nemi wanda yake biye da shi a wurin.

Kada ka taɓa rubuta sunan mutum da lambarsa a fom kafin ka nemi izininsa. Bayan rashin ladabi, akwai asara a ciki. Mai ɗaukar aiki zai kira, shi kuma ya ce, “Wa? Sake faɗin sunan.” Wannan ɗan jinkirin kaɗai ya isa ya rage maka daraja. Ka ba shi mako uku zuwa huɗu idan wasiƙa ce, mako ɗaya aƙalla idan kiran waya kawai zai amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kun daɗe ba ku gana ba, ka fara da kira ko ziyara, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali, ka ba shi labarin inda kake, sannan ka kawo buƙatarka a wannan zaman. Kada ka yi ta kewaye-kewaye kwana da kwanaki, domin babba yakan gane mai buƙata, kuma ya fi ganin girman wanda ya fito fili.

Yadda za ka yi tambayar ma yana da muhimmanci. A al'adarmu babba yana jin nauyin ya ce wa yaro a'a, don haka zai iya amsa maka da “to” alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya je ya rubuta layi uku marasa ɗumi. Ka buɗe masa ƙofar fita da kanka. Ka ce, “Yallaɓai, idan kana ganin ka san aikina gwargwadon da za ka iya yi mini shaida mai ƙarfi, zan yi farin ciki. Idan kuma lokaci bai ba ka dama ba, ko abin ya kwana biyu, wallahi babu komai.” Sai ka saurari amsar da kyau. Wanda ya ce “turo mini bayanan yau” yana tare da kai. Wanda ya ce “bari mu gani,” ko ya ce “ai da ka nemi wane,” ko ya yi shiru mako guda bayan ka tuna masa, ya ba ka amsa cikin mutunci. Ka gode masa, ka nufi wani. Shi ya sa idan mutum biyu ake nema, yana da kyau ka tanadi na uku.

Bari in nuna muku yadda wata ta yi, don a ga abin a aikace. Ta yi shekara biyu da wata huɗu a ƙarƙashina, tana kula da katunan kaya da firjin magungunan da ba sa son zafi. Bayan shekara uku da barinta ta ga tallan aikin jami'ar sito a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Ta kira ni ranar Asabar da hantsi, muka gaisa, ta nemi izini kamar yadda na faɗa, na amsa. Kafin la'asar sai ga imel ɗinta, kuma ga abin da ya ƙunsa:

“Ranka ya daɗe, na gode da amincewarka. Ga bayanan da za su sauƙaƙa maka. Na fara aiki a watan Maris na 2018 a matsayin mataimakiyar mai kula da sito, na bari a ƙarshen Yunin 2020 saboda aure ya mai da ni Damaturu. Kai ne kake duba aikina kai tsaye a duk wannan lokaci. Aikin da nake nema na jami'ar sito ne, kuma a tallan sun fi nanata abu uku: riƙe lissafin kaya daidai, kula da magungunan sanyi, da jagorancin ƙananan ma'aikata. Ga abubuwa uku da ka gani da idonka, ko za su yi amfani. Na farko, ni na sake jera kantocin sito bisa ranar lalacewar magani, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne a gaba, kuma na riƙa kawo maka jerin waɗanda suka rage wata shida a farkon kowane wata. Na biyu, daren da janareta ya lalace da azumin 2019, ni na kira ka, muka kwashe insulin zuwa akwatunan sanyi kafin ma'auni ya haura digiri 8. Na uku, ni na koya wa 'yan bautar ƙasa biyu cike katin kaya. Idan akwai abin da ka tuna daban da yadda na faɗa, naka shi ne daidai, ka cire duk abin da ba ka gamsu da shi ba. Za su turo maka fom ta imel cikin mako mai zuwa, shafi biyu ne, kuma ranar 21 ga wata suke rufewa. Na haɗo da tallan aikin da takardar tarihin karatuna da aikina.”

Ina karanta layin janareta sai daren ya dawo mini gaba ɗaya. Na tuna ta tsaye da fitilar waya a baki tana ƙirga kwalabe, hannunta ɗaya a kan murfin akwatin, tana duba ma'auni tana rubuta sa'a a takarda. Irin waɗannan magunguna tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, kuma duk wanda yake wannan fanni ya san abin da dare ɗaya ba wuta yake jawowa a zafin Kano. Na manta da wannan dare sarai, amma ni na gan shi, don haka da ta tuna mini sai ya zama shaidata ce ta gaskiya. Cikin minti arba'in na cike fom ɗin, har na ƙara abin da ba ta ambata ba, wato ba ta taɓa sa hannu a takardar karɓar kaya ba sai ta ƙirga da kanta, ko da direba yana ƙorafin sauri.

Ku duba abin da ya sa saƙon nan ya yi aiki. Ta ba da wata da shekara, don haka abin da na rubuta ya dace da abin da ke takardarta. Masu tantancewa sukan jera biyun su gwada, kuma idan kai ka ce shekara uku shugabanka ya ce biyu, ba za su kira ka su ji ba'asi ba, za su ɗauka ƙari ka yi. Ta faɗi sunan muƙaminta na ainihi, mataimakiya, ba ta ɗaga kanta zuwa shugabar sito ba. Ta faɗi dalilin barin aiki don bakinmu ya zo ɗaya. Ta zaɓi ayyuka uku kacal, kowanne yana amsa abu ɗaya da tallan ya nema, kuma dukkansu abubuwa ne da suka faru a gabana. Ba ta ce in rubuta cewa ita haziƙa ce ba, ta ajiye mini aikin ta bar mini hukunci. Sannan duka saƙon bai wuce shafi ɗaya ba. Wanda ya turo fayil goma bai taimaki kowa ba, domin babba mai hidima ba zai buɗe su ba.

Idan gurbin karatu kake nema, tsarin ɗaya ne, sai dai ka zaɓi misalan da suka dace da abin da masu tallafin suke dubawa. Chevening, alal misali, tana neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, wato sa'o'i 2,800, kuma tana mai da hankali kan jagoranci da iya ƙulla hulɗa da mutane. Don haka ka tuna wa shugabanka lokacin da ka ja wasu zuwa ga wani gyara, ka kuma tura masa abin da ka rubuta game da kanka, don kada ka ba da wani labari shi ya ba da wani.

Wani lokaci shugaban zai ce, “Rubuto ka kawo in sa hannu.” Wannan ya zama ruwan dare, kuma a nan ne ƙafar mutane take zamewa. Abin da ya fi shi ne ka ce za ka kawo masa bayanan a jere, shi ya zuba su da kalmominsa. Idan ya nace, ka rubuta abin da ya faru kawai, kwanan wata da ayyuka, ka bar gurbin yabo da hukunci a buɗe ya cike da hannunsa, kuma ka roƙe shi ya karanta kafin ya sa hannu. Dalili shi ne za a iya kiransa a waya a tambaye shi abin da ke cikin wasiƙar, kuma idan bai san shi ba, kai da shi duk kun ji kunya. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne ka buɗe imel da sunansa ka aika da kanka, ko ka sa shi ya ce ka yi aikin da ba ka yi ba. Wannan shaidar zur ce, kun san matsayinta a addini, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Sunan da bawan Allah ya yi shekara talatin yana ginawa ya ara maka, ka mayar masa da shi ba tabo.

Akwai ƙananan abubuwa da suke kashe shaida bayan an gama komai. Ka tambaye shi adireshin imel ɗin da yake buɗewa a yanzu, ka karanta masa shi harafi bayan harafi, domin da yawa sun bar na tsohon ofis. Ka gaya masa sunan wurin da saƙon zai fito, kuma ya leƙa akwatin `Spam` idan bai gani ba, saboda saƙon da na'ura take aikawa yakan faɗa can. Idan kira za a yi, ka sanar da shi makon da za a kira, don kada ya ƙi ɗaga baƙuwar lamba. Idan wasiƙa ce, ka bincika ko ana son ta a takarda mai tambarin ofis da hatimi, da sunan wanda za a rubuta wa. Shugaban da ya yi ritaya ko ya sauya wurin aiki ba shi da ikon amfani da takardar tsohon ofis, sai ya rubuta a farar takarda, ya faɗi muƙamin da ya riƙe a lokacin da kake ƙarƙashinsa da inda yake yanzu. Tuni kuwa sau biyu ya isa, ɗaya saura mako guda, ɗaya saura kwana biyu, kowanne da gaisuwa da ranar rufewa a ciki.

Idan rabuwarku ba ta yi daɗi ba fa? Ka auna abin da ya faru tsakani da Allah. Idan saɓani ne na ƙuruciya, kamar yawan makara ko barin aiki ba sanarwa, ka je ka same shi, ka amsa laifinka, ka gaya masa abin da ka gyara, sannan ka tambaye shi kai tsaye abin da zai faɗa idan aka tambaye shi rauninka. Gara ka ji daga bakinsa a ɗakinsa da a faɗa a bayan idonka. Na taɓa rubuta wa wani cewa a shekararsa ta farko yana makara, a ta biyu kuwa shi yake buɗe sito, kuma irin wannan shaida ta fi yabo zalla shiga zuciya. Idan kuwa abin ya yi zurfi, ka nemi wani da ya ga aikinka a wurin, ka bar wa ofishin kula da ma'aikata tabbatar da kwanan wata da muƙami.

Daga ƙarshe, ka koma masa da labari. An ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba, ka kira ka faɗa, ka yi godiya. Kuma kowane sabon nema ka sake neman izini, domin amincewar bara ba ta wannan shekarar ba ce. Ita wadda na ba ku labarinta ta kira ni bayan mako shida ta ce an ɗauke ta, kuma tun daga lokacin duk sallah sai ta gaishe ni. Da ta sake buƙatar shaida a wani nema, ban jira dogon bayani ba, domin saƙonta na farko yana nan a ajiye.

Kai da kake bakin aiki yanzu, ka sami ɗan littafi tun yau. Ka rubuta ranar da ka fara, sunan muƙaminka kamar yadda yake a takardar ɗauka, da cikakken sunan wanda yake duba aikinka. Duk ranar da ka yi wani abu da ya ce maka “madalla,” ka rubuta abin da kwanan watansa a layi ɗaya. Ranar da za ka bar wurin, ka je ka yi masa sallama ta mutunci, ka karɓi lambarsa da imel ɗinsa na kansa. Bayan shekara uku, idan ka kira shi, daga wannan littafin za ka ciro abin da zai sa ya tuna ka da aikinka.

Allah ya ba ku abin yi mai albarka, ya haɗa ku da shugabannin da za su shaide ku da gaskiya.